Cire Mai Sa Hannu a Asusun Banki: Abin da Wasiƙar Za Ta Ce, da Ƙofofin da Ba Ta Rufewa

Mu ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, na 'yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya. Sun yi masa rajista a hukumar CAC, su ukun ne daraktoci, su ne kuma masu hannun jari. Ranar da suka buɗe asusu aka miƙo musu takardar ƙa'idar sa hannu, suka zaɓi mafi sauƙi, wato kowane ɗaya a cikinsu ya sa hannu banki ya biya. A lokacin wannan ya yi daidai, domin ɗaya yana ƙauye wajen saye, ɗaya yana sito, ɗaya yana bin motoci zuwa Legas.

Bayan shekaru lissafi ya fara ƙin haɗuwa a ɓangaren autansu. Ranar wata Asabar bayan sallar Isha'i aka zauna a zauren babban wansu, aka yi magana mai zafi, aka tashi a kan cewa daga yau ba ruwansa da kuɗin kamfani. Kawunsu ya shaida, aka shafa fatiha. Litinin babban wan yana wajen awon ridi, Talata ya tafi ta'aziyya, sai Laraba ya leƙa banki. A nan aka nuna masa cewa ranar Litinin da hantsi an fitar da naira 4,200,000 da cek mai ɗauke da sa hannun ƙaninsa.

"Ai mun cire shi tun ranar Asabar," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, a wurinmu har yanzu yana nan," in ji ma'aikaciyar bankin.

Gaskiya ta faɗa. Banki bai san zaure ba, bai san kawu ba. Abin da ya sani shi ne umarnin da aka ba shi a rubuce ranar buɗe asusu, kuma da shi zai ci gaba da aiki har ranar da sabon umarni ya iso masa daga hannun masu ikon bayarwa. Duk kuɗin da ya biya a kan tsohuwar ƙa'ida kafin sanarwa ta iso shi, da wuya a iya ɗora masa alhakinsu. Rigimar ta koma tsakanin 'yan'uwa, a gida ko a kotu. Saboda haka kwanakin da ke tsakanin yanke shawara da shigar sabuwar ƙa'ida cikin na'urar banki su ne mafi hatsari a duk wannan sha'ani, kuma aikin wasiƙar da muke magana a kai shi ne ta gajarta su.

Wa ke da ikon rubutawa?

Kafin a ɗauki biro, sai an san irin asusun, domin a nan yawancin wasiƙu ke mutuwa. Akwai bambanci tsakanin mai kuɗi da wanda aka ba izinin taɓa kuɗi. Wanda aka ba izini ana iya janye izinin. Mai kuɗi kuwa ba a korarsa daga dukiyarsa da wasiƙa.

Idan kasuwancin na mutum ɗaya ne, ya yi rajistar suna kawai ya kuma saka yaron shagonsa ko ɗansa a matsayin mai sa hannu, abin ba wahala. Shi ya bayar, shi zai karɓe. Wasiƙarsa shi kaɗai ta isa.

Asusun haɗin gwiwa na mata da miji, ko na wa da ƙani, ya sha bamban. Sunayen biyu duk masu asusun ne. Ko da ƙa'idar ta ce kowa zai iya cire kuɗi shi kaɗai, wannan bai ba ɗaya damar goge sunan ɗaya ba. Banki zai nemi amincewar duka biyun, kuma sau da yawa hanyar da ake bi ita ce a rufe asusun gaba ɗaya, a raba abin da ke ciki yadda aka daidaita, kowa ya buɗe nasa. Idan ɗayan ya ƙi zuwa, abin da ya rage wa mai ƙorafi shi ne ya sanar da banki a rubuce cewa an samu saɓani, ya nemi kada a sake fitar da kuɗi sai da hannun su biyun. Ya sani dai wannan wuƙa ce mai kaifi biyu: in an tsayar da asusun, shi ma ba zai taɓa ko kwabo ba sai an sasanta ko kotu ta yi hukunci. Wanda albashinsa ke shiga irin wannan asusu ya fara sauya wa albashin hanya kafin ya kai takarda.

Ƙungiyoyi kuwa, irin su kwamitin masallaci, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwa, bankin zai duba tsarin mulkinsu da rahoton taron da aka yi zaɓe, sannan idan suna da amintattu masu rajista ya nemi sa hannunsu. An sha ganin sabbin shugabanni sun karɓi ofis da hatimi amma asusu na hannun tsofaffi wata da watanni, don kawai ba wanda ya rubuta rahoton taron yadda ya kamata.

Mu koma kan 'yan'uwan Dawanau, domin nasu ne ya fi sarƙaƙiya. A idon doka kamfani mai rajista mutum ne mai zaman kansa, kuɗin nasa ne ba na daraktoci ba, kuma bakin da yake magana da shi shi ne ƙudurin daraktocinsa. Babban wa ba zai rubuta a matsayinsa na babba ba. Dole a yi zaman daraktoci, a yanke ƙuduri, a rubuta shi, wasiƙa ta raka shi zuwa banki.

Zaman zauren nan na ranar Asabar ba lallai ya cika sharaɗin zaman daraktoci ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta ce kowane darakta yana da haƙƙin a sanar da shi taro a rubuce kwana 14 kafin ranar, sai dai idan kundin tsarin kamfanin ya tanadi wani abu daban, kuma rashin ba da sanarwar yana ɓata taron. Wannan ya haɗa da wanda ake shirin cirewa. Mutane suna son su yi zaman a ɓoye don kada ya farga, to amma ƙudurin da aka yi a bayan idonsa shi ne wanda lauyansa zai fara kai wa hari. Idan daraktocin ba su wuce shida ba, biyu sun isa a yi zama matuƙar kundin bai ce akasin haka ba, don haka in an gayyace shi ya ƙi zuwa, yayyensa biyu za su iya zama su yanke. Akwai kuma gajeriyar hanya: ƙuduri a rubuce wanda dukkan daraktoci suka sa wa hannu, ba sai an jira taro ba. Da a ce a daren nan, tun zukata suna gaban kawu, an rubuta layi biyar autan ya sa hannu tare da yayyensa, da Litinin ƙarfe takwas takarda na kan teburin manaja. Ni a ganina duk inda aka samu rabuwa ta lalama, wannan ce hanyar da ta fi, kuma a yi ta a zaman da aka yi maganar, kada a bari a kwana.

In kuwa ba zai sa hannu ba, ba a naɗe hannu a jira kwana 14. Sauran daraktocin su kai wa banki gajeriyar sanarwa cewa akwai saɓani a kan ikon wane, suna neman kada a biya komai da sa hannunsa shi kaɗai har ƙuduri ya iso. Wannan ba ta cire shi ba, amma daga lokacin da ta shiga banki ba zai ce bai sani ba. Yana iya yiwuwa bankin ya zaɓi tsayar da fitar kuɗi gaba ɗaya don kare kansa, saboda haka a shirya wa hakan.

Wurin da abin ke cijewa shi ne kamfanin mutum biyu masu rabi da rabi. Babu mai rinjaye, babu wanda zai cire wani. Idan kowa ya kai wa banki tasa wasiƙar mai karo da ta ɗan'uwansa, banki ba alƙali ba ne, kulle asusun zai yi ya ce su je su daidaita.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa: cire mutum daga sa hannu bai cire shi daga darakta ba, bai kuma taɓa hannun jarinsa ba. Autan nan bayan an cire shi a banki yana nan darakta, yana da ikon halartar taro da ganin littattafan lissafi, kuma rabonsa na riba yana nan. Tsige darakta aiki ne na taron masu hannun jari, da sanarwa ta musamman, a ba shi damar kare kansa, sannan a sanar da CAC. Kada a dunƙule su a wasiƙa ɗaya.

Wasiƙar kanta

Da Turanci ake rubuta ta, domin shi ne harshen aiki a bankunan Najeriya, a kan takarda mai tambarin kamfani, zuwa ga manajan reshen da asusun yake. Ga abin da ya kamata ta 'yan'uwan nan ta ƙunsa, idan aka mayar da shi Hausa:

"Muna sanar da ku cewa daraktocin wannan kamfani, a zamansu na rana kaza, sun yanke ƙudurin da muka haɗo kwafinsa, game da asusunmu mai lamba kaza da kuma na biyun mai lamba kaza. Daga lokacin da kuka karɓi wannan wasiƙa, an janye duk wani iko na wane ɗan wane a kan waɗannan asusu. Kada a karɓi sa hannunsa a kan cek, takardar tura kuɗi ko wani umarni, ko shi kaɗai ko tare da wani. A soke shigarsa ta intanet da ta manhajar waya, da na'urar lambar sirri da ke hannunsa, da duk katin da aka ba shi. A cire lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa daga masu karɓar saƙon shiga da fitar kuɗi da masu tabbatar da cek. Cek guda uku da ya riga ya sa wa hannu, waɗanda muka jera lambobinsu da adadinsu da sunayen masu karɓa a ƙasa, a biya su. Duk wani cek mai sa hannunsa da ba ya cikin jerin, kada a biya, kowane kwanan wata yake ɗauke da shi. A tsayar da ganyen cek daga lamba kaza zuwa lamba kaza. Sabuwar ƙa'idar sa hannu tana biye, kuma ta soke duk wadda ta gabace ta. Muna roƙon ku tabbatar mana a rubuce ranar da kuka aiwatar."

Kowace jimla a ciki akwai ramin da take cikewa. An ambaci lambobin asusu duka, kowace da alƙalumanta goma, saboda kamfani yakan mallaki asusu biyu ko uku a banki ɗaya, har da na dala, kuma ma'aikaci zai gyara wanda aka rubuta ne kawai. An rubuta cikakken sunan mutumin kamar yadda yake a takardun banki, ba sunan da ake kiransa a kasuwa ba. An ce daga lokacin da aka karɓi wasiƙa, ba a ce daga ƙarshen wata ba, don sanya rana a gaba tamkar gaya wa mutum ne kwana nawa suka rage masa.

Abin da ba a saka ba shi ma da dalili. Wasiƙar ba ta faɗi laifin kowa ba. Banki ba ya bukatar sanin dalili, kuma duk wanda ya rubuta "saboda ya ci amana" ko "saboda sata" a takardar da za ta ratsa hannun ma'aikata da dama, ya buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna alhali ba a tabbatar da komai a gaban alƙali ba. Ban da haka ma ɗan'uwa ne, gobe za a haɗu a wurin suna ko jana'iza.

Maganar cek ɗin da ke waje tana bukatar a zauna a kanta. A Najeriya cek yana da rai har wata shida daga kwanan da ke jikinsa. Ke nan wanda aka cire yau, in akwai ganye a aljihunsa, zai iya rubuta kwanan makon jiya ya ce tun kafin a cire shi ya bayar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mutanen kirki da ke riƙe da cek na halal: dillalin da ya kawo buhu ɗari na wake, mai motar da aka ba cek na wata mai zuwa. Idan wasiƙa ta yi shiru, ma'aikacin banki ne zai yi hasashe, ko ya biya wanda bai kamata ba ko ya mayar da na dillali, sunan kamfani ya zube a kasuwar da ake ciniki da yarda. Maganinsa a ɗauko littafin cek a bi guntayen da ke manne ɗaya bayan ɗaya, a haɗa da bayanin asusu, a ware waɗanda suka fita ba su dawo ba. Wanda aka san gaskiyarsa a sa shi a jeri, ko a karɓo shi a musanya da sabo. Wanda ba a san inda ya shiga ba a tsayar da lambarsa. Idan littafi guda ne a hannunsa, a soke shi duka a nemi sabo.

Masu rufe asusun haɗin gwiwa su ma su kula da wannan. Kwashe kuɗi a bar cek yana yawo na iya jefa wanda ya rubuta shi cikin matsala, domin dokar 1977 kan cek ɗin da ya dawo saboda babu kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda aka samu da laifi.

Sa hannu ƙofa ɗaya ce kawai

Shekarun baya in an cire sa hannun mutum daga kati an gama. Yau yawancin kuɗin 'yan kasuwa ba ta cek suke fita ba, ta waya suke fita, kuma a banki waɗannan hanyoyi ba lallai a tebur ɗaya ake kula da su ba. Mai gyara katin sa hannu daban, mai kula da shiga ta intanet daban, mai katin ATM daban. Ana iya cire mutum a takarda da safe, da daddare ya tura kuɗi daga ɗakinsa saboda sunansa na shiga bai mutu ba. Shi ya sa wasiƙar ta lissafa hanyoyin da sunansu, kuma shi ya sa in banki ya ba da wani fom na musamman na soke mai amfani da intanet, a cike shi a ranar.

Akwai ƙofar da banki ba zai iya rufe muku ba. A ƙananan kamfanoni da yawa sunan shiga ɗaya ne kowa ke amfani da shi, lambar sirri kowa ya haddace ta. Soke sunan auta ba zai yi komai ba idan da na babban wa yake shiga. Sai a sauya lambobin sirri duka. A kuma tambayi kai: layin wayar da saƙon banki ke shiga, da sunan wa aka yi masa rajista? Idan da NIN ɗin wanda aka cire ne, ko an karɓe wayar zai iya zuwa ofishin kamfanin sadarwa ya ce layinsa ya ɓata a ba shi sabo, lambobin tabbatarwa su koma hannunsa. A sauya layin gaba ɗaya. Haka na'urorin POS da ke shago: a duba asusun da kuɗinsu ke sauka. Haka umarnin biya na kai tsaye da aka kafa tun da, wanda ke fitar da kuɗi duk wata ba tare da sabon sa hannu ba.

Sabuwar ƙa'ida

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan abin da ya faru, abu na farko da zai zo wa yayyen biyu shi ne su ce daga yau ko naira ɗaya ba ta fita sai da hannunsu su biyu. Wannan yana da kyau har ranar da ɗaya ya tafi aikin Hajji ko ya kwanta asibiti, motar masara ta iso, manoma suna jiran kuɗinsu. Daga nan sai a fara abin da ya fi komai muni, wato mai tafiya ya sa hannu a ganyen cek goma babu adadi ya bari. An koma gidan jiya ke nan, har ma ya fi, domin yanzu a takarda mutum biyu ne suka amince.

Tsarin da ya fi dacewa da irin wannan kamfani shi ne na rukuni da iyaka. Yayyen biyu su zama rukunin A. Akawun kamfanin, wanda ba darakta ba ne, ya zama rukunin B. Sai a rubuta: abin da bai wuce naira 500,000 ba, mutum ɗaya daga rukunin A ya isa. Abin da ya haura 500,000 har zuwa 5,000,000, sai mutum biyu, ko A biyu ko A ɗaya da B ɗaya. Abin da ya haura 5,000,000, sai A biyu. Rukunin B ba ya sa hannu shi kaɗai a kowane adadi. Karɓar bashi, buɗe sabon asusu, rufe asusu da sauya wannan ƙa'ida, sai da sabon ƙudurin daraktoci.

Da wannan, in babban wa yana Makka, ƙaninsa da akawu za su iya sayen kaya har na miliyan biyar, babbar harka kuwa ta jira shi. Adadin ba wahayi ba ne. A ɗauko bayanin asusu na wata shida a ga inda yawancin biyan yau da kullum ke tsayawa, a sa iyakar farko a nan. Iyakar da ta yi ƙasa da yawa ita ke koya wa mutane zagaye ƙa'ida.

A lura da kalmomin kan iyaka. Idan aka rubuta "ƙasa da 500,000" sannan "sama da 500,000", to cek na 500,000 cif ba shi da gida, kuma irin wannan adadi ne aka fi rubutawa. Sannan akwai dabarar da kowane ma'aikacin banki ya sani: wanda aka iyakance wa 500,000 ya rubuta cek takwas na 490,000 a rana ɗaya, ya fitar da 3,920,000 bai karya ƙa'ida ko sau ɗaya ba. Don haka a faɗi ko iyakar ta kowane biya ce ko ta jimillar yini, a kuma tambayi banki ko na'urarsa za ta iya tsare iyakar yini. Ƙa'idar da na'ura ba ta iya ɗauka, ta dogara ne kan idon wanda ke kanta ranar. A intanet a nemi tsarin da mutum ɗaya ke shigar da biya wani daban ya amince, da iyakoki iri ɗaya da na takarda. Katin ATM kuwa hannu ɗaya ne a kullum, shi ya sa bankuna ba su cika bayar da shi a asusun da sai mutum biyu ba. In akwai tsohon kati tun zamanin kowa-ya-sa-hannu, a mayar da shi.

Ranar kai takarda

A kai da hannu, kada a aika yaro, kada a wadatu da tura hoto ta waya ga ma'aikacin da aka saba da shi. A tafi da kwafi biyu. Ɗaya a bar musu, ɗaya a buga masa hatimin karɓa, a rubuta kwanan wata da lokaci da sunan wanda ya karɓa. Lokacin nan yana da muhimmanci: idan an karɓa ƙarfe 9:15 aka biya cek ƙarfe 1:00, wannan kwafin ne hujjar kamfani. Ba tare da shi ba magana ta zama ka ce na ce.

Tare da wasiƙa za a haɗa ƙudurin, da sa hannun daraktoci biyu ko darakta da sakataren kamfani. Banki zai ba da sabon katin sa hannu wanda duk masu sa hannu za su cike, har da tsofaffin da suka rage. Akawu, da yake sabo ne, zai kawo lambar BVN da ta NIN, katin shaida, hotunan fasfo da shaidar adireshi. Tantance shi na iya ɗaukar kwanaki, kuma a nan akwai tarko: wasu rassan sukan riƙe takardun duka su jira komai ya cika kafin su taɓa na'ura, tsohuwar ƙa'ida na nan da ranta. Saboda haka a ƙara jimla ɗaya a wasiƙar, cewa cirewar ta fara aiki nan take ba tare da jiran kammala takardun sabon mai sa hannu ba, kuma kafin nan daraktoci biyun da suka rage su ne za su sa hannu tare.

Banki yakan duba bayanan kamfanin a CAC don ya tabbatar masu sa hannu a ƙudurin daraktoci ne na gaske. Idan rajistar tana ɗauke da sunan mahaifin da ya rasu shekara biyar da suka wuce, ko wanda ke tafiyar da kamfani yau ba a taɓa shigar da shi ba, takarda za ta tsaya. Gara a duba wannan tun ana zaman lafiya.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a koma. A nemi ma'aikacin ya karanto ƙa'idar da ke kan allonsa, sunayen da iyakokin, a gwada da abin da aka rubuta. A shigar da ƙaramin kuɗi a ga wayoyin da saƙo ya faɗa. Idan ƙararrawa ta kaɗa a wayar wanda aka cire, aiki bai kammala ba. In banki ya yi sakaci har aka yi asara bayan ya karɓi sanarwa, a fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin kansa. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin nan mai hatimi.

Saura magana ɗaya, kuma wannan ta wanda aka cire ce, domin ba kowa ake cirewa don laifi ba. Wani ritaya ya yi, wani ya koma wani gari, wani ya sayar da kasonsa ya kama gabansa. Idan a lokacin da kamfani ya karɓi bashi ya sa hannu a takardar tsayawa, cewa in kamfani ya gaza shi zai biya daga aljihunsa, to cire shi daga sa hannu bai kwance wannan igiya ba. Yarjejeniya ce daban tsakaninsa da banki. Autan Dawanau zai iya wayar gari ba shi da ikon taɓa ko sisi a asusun, amma idan bashin sayen ridi ya gagara biya, ƙofarsa na cikin waɗanda za a ƙwanƙwasa. Sai ya rubuta tasa wasiƙar yana neman a sallame shi daga tsayawar, banki kuma yana da damar ya ƙi har sai an biya bashin ko yayyensa sun kawo wanda zai maye gurbinsa. Idan bankin ya yarda, ya karɓi takardar sallamar a rubuce, mai ɗauke da lambar bashin da ranar da nauyin ya sauka daga kansa.